Farashin da aka soke a takarda, da kuɗin da ke ɓullowa ranar jere

Assalamu alaikum Anti. Ina sayar da kayan ɗakin amare a Hotoro, kafintoci biyu ke yi mini aiki. Saitin da ya fi tafiya, wato gado, wadirob, madubi da durowar gefen gado biyu, yana tsaya mini a naira 700,000, na kuma saba sayar da shi 850,000. Da kasuwa ta yi sanyi, ƙanena ya gyara mini takardar farashin da muke liƙawa a shago muke kuma tura wa mutane a waya. Ya rubuta 1,200,000 ya soke, ya sa "ragin kashi 30, yanzu 840,000, kwana uku kacal", a can ƙasa kuma "ban da sauran caji". Wata biyu ke nan takardar tana nan. Makon jiya wata Hajiya ta biya 840,000 na 'yarta. Ranar ɗaukar kaya na ce akwai lodi 10,000, haɗawa 20,000, mota zuwa Rijiyar Zaki 25,000, kuma katifar da ke cikin hoto ba ta ciki, ita 140,000 ce. Ta biya 55,000 ɗin, amma a gaban 'yan jere ta ce na yaudare ta. Kuɗin nan fa ba aljihuna suke shiga ba. Ina laifina? Kuma in na rubuta gaskiyar farashi, ba za a gudu wajen maƙwabtana masu "ragin kashi 40" ba?

Mai kayan ɗaki, Hotoro

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Hajiya tana da gaskiya. Na yarda ba ki zauna kin ƙulla cutar kowa ba, amma takardar da ke ɗauke da sunan shagonki ta faɗi abin da bai faru ba, ta kuma ɓoye abin da mai saye ke da haƙƙin sani kafin ya zaro kuɗi. Gyaranta ba zai ci miki fiye da yamma guda ba, in kin yarda kin fara daga wurin da ya fi ciwo.

Wurin da ya fi ciwo shi ne lambar nan da aka soke. Na san abin da ƙanenki zai ce: ai haka kowa ke yi, ko a Kantin Kwari mai atamfa yana farawa daga sama kafin a sauko. To, amma abu biyu ne daban. Idan ɗan kasuwa ya ce "dubu talatin" da baki, shi da mai saye duk sun san buɗe ciniki ne. Za a taya, ya ce albarka, a ƙara, ya sallama. Babu wanda ya gaya wa wani ƙarya, domin bai ce jiya a haka ya sayar ba, cewa ya yi a haka yake so. Farashin da aka rubuta aka ja masa layi kuwa labari yake bayarwa. Cewa yake: da a haka muke sayarwa, mutane sun biya, yau mun sauko. Hajiya ta karanta wannan labari ta gaskata shi, ta tafi gida da tunanin ta tsira da naira 360,000. Wataƙila ma saboda shi ta fasa zagawa shago biyu ko uku ta gwada farashi, tunda a ganinta ta riga ta dace. Ragin da ta samu a zahiri naira 10,000 ne, abin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Ki ɗauki biro ki gwada abin da ragin kashi 30 na gaskiya zai yi miki. Duk wanda ya sayi saitin nan a wajenki a da, in an haɗa da lodi da haɗawa, 880,000 ya kashe kafin a zo maganar mota. Kashi 30 na wannan shi ne 264,000. In kin cire, saura 616,000, alhali kaya da lodi da haɗawa sun ci miki 730,000. Asarar 114,000 ke nan a kan kowane saiti. Babu mai sana'ar da za ta yi wata biyu tana irin wannan ragi kuma shagonta yana buɗe, kuma iyayen amare da suka aurar da 'ya biyu ko uku sun san haka. Su ne suke ganin "ragin kashi 40" su wuce ba tare da sun tsaya ba. Wanda irin wannan takarda ke kamawa shi ne wanda bai san kasuwa ba: uwar da wannan ne aurenta na fari, ko uban da ya sayar da ɗan filinsa ya zo da kuɗi a ƙidaye. Wannan ya fi damuna a cikin lamarin duka.

Ƙa'idar da nake so ki riƙe mai sauƙi ce. Kada ki soke wani farashi a takarda sai wanda za ki iya buɗe littafin rasitinki ki nuna cewa mutane sun biya shi, kuma kwanan nan, ba bara ko bariya ba. Idan sau ɗaya tak wani mai hali ya taɓa biyan farashi mai tsada bai taya ba, wannan bai zama farashinki ba. Farashinki shi ne wanda yawancin rasitan watannin baya suka nuna. Idan saitin sabon samfuri ne da ba ki taɓa sayarwa ba, to ba shi da tsohon farashin da za a soke. Sai ki rubuta "farashin buɗe kasuwa", ki faɗi ranar da zai ƙare da abin da zai koma, ranar ta zo kuma ki mayar da shi ɗin.

Haka maganar "kwana uku kacal". Amfaninta ɗaya ne: ta hana mutum ya je gida ya yi shawara. Wadda ta gani a farkon wata ta sake gani a ƙarshen wata na biyu ta gama sanin irin shagon da take ciki, kuma daga ranar ko gaskiya kika rubuta ba za ta yarda ba. Duk ragi ki sa masa kwanan wata a rubuce, ranar ƙarewa da sunan wata, ba "kwana uku" da ba a san ranar da aka fara ƙirga su ba.

Wannan ba maganar kunya kaɗai ba ce. Akwai dokar tarayya ta 2018 kan gasar kasuwanci da kare masu saye, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita. Sashe na 115 ya ce wanda ya baje kaya don sayarwa ya nuna farashinsu yadda mai saye zai gani, kuma kada ya karɓi fiye da abin da ya nuna. In ma farashi biyu aka nuna a lokaci guda, mafi ƙanƙanta shi ne mai saye zai biya. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda abin da ke rubuce a kan kanta ya saɓa da abin da ake karɓa a wurin biya. A nan Kano ma gwamnatin jiha tana da hukumarta ta kare haƙƙin masu saye, inda mutum zai iya kai ƙorafi. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba. Mu da muka taso muna jin hadisin nan da ya ce masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana za a sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya a shafe albarkar, mun san an ambaci abu biyu ne a jere. Lambar da aka soke ta saɓa wa ɓangaren gaskiya. Sauran matsalarki a ɓangaren bayyanawa take.

Na ji uzurinki cewa kuɗin lodi da haɗawa da mota ba naki ba ne, na yara ne da direba. Gaskiya ne, amma ita mai saye ba ruwanta da aljihun da kuɗi zai shiga. Abin da take son sani shi ne nawa zai fita daga nata kafin gado ya tsaya a ɗakin 'yarta. Ki tuna halin da uwar amarya take ciki a makon biki. Ta kasa kuɗinta kashi-kashi: na kayan kicin, na gara, na labule, na abincin baƙi. Ta cire 840,000 ta ce gado ya fita daga lissafi. Sai ranar jere, mota a tsaye, dangi a tsaye, ta ji akwai sauran 55,000, kuma gadon ba katifa. A wannan lokaci ba ta da zaɓi. Ba za ta iya fasawa ba, ba za ta iya tayawa ba, dole ta ranto ko ta taɓa kuɗin wani abu. Da kin gaya mata 895,000 tun ranar farko, ƙila ta biya ba tare da ta ce uffan ba. Ba yawan kuɗin ne ya ƙona mata rai ba, lokacin da ta ji shi ne, da kuma idon mutane.

"Ban da sauran caji" ba bayani ba ne. Bai faɗi ko caji nawa ne ba, bai faɗi na mene ne ba, bai faɗi nawa-nawa ba. Kariya ce kawai ga mai sayarwa, don in rigima ta tashi ya nuna ƙasan takarda ya ce ai mun rubuta. Ki goge shi gaba ɗaya, ki zauna ki kasa ƙarin kuɗaɗenki gida uku ta hanyar yi wa kowanne tambaya ɗaya: akwai mai sayen da zai iya tsallake wannan?

Lodi, babu. Wadirob ba zai hau mota da kansa ba. Haɗawa ma kusan babu, domin ba za ki so baƙon kafinta ya ɗaura miki ƙofofi a karkace a ce aikin shagonki ne ba. Duk kuɗin da kowa dole ya biya, kuma adadinsa ba ya canzawa, ba caji ba ne, farashi ne. Ki zuba shi cikin babbar lamba. Ke a littafinki kina iya ci gaba da raba shi, na yara daban, na kafinta daban, amma mai saye lamba ɗaya zai gani: 880,000. In wani ya zo da kafintansa ya ce shi zai haɗa, sai ki cire masa 20,000, ya tafi yana murna. Ki lura da bambancin: kuɗi ɗaya ne, amma wanda aka cire wa yana godiya, wanda aka ƙara wa yana jin an yi masa wayo.

Mota ita ce gida na biyu. Yawanci ana buƙatarta, amma kuɗinta ya danganta da nisa, kuma wani zai zo da a-kori-kurar ɗan'uwansa. Irin wannan ba za ki iya cusa shi cikin farashi ba tare da kin zalunci na kusa ba. Abin da za ki yi shi ne ki kira direbobin da kike aiki da su ku tsayar da kuɗi shiyya-shiyya, ki rubuta a layin da ke bin farashi kai tsaye, da girman rubutu iri ɗaya, ba a gindin takarda da ƙananan baƙaƙe ba. Shiyya uku sun isa: unguwannin kusa da ke, sauran cikin gari, sai wajen gari kamar Wudil ko Bichi, wanda za ki ce a tambaya kafin a biya kafin alƙalami. Ki tambayi yaran lodi ko suna ƙara kuɗi in gidan bene ne ko lungun da mota ba ta shiga. In suna ƙarawa, shi ma ya hau takarda, domin a cikin birni wannan yana faruwa kullum, kuma a ƙofar gidan amarya ake jin sa.

Gida na uku shi ne abin da mutum zai iya saya ko ya bari, kamar katifa. A nan hoton ne ya yi ƙaryar, ba rubutun ba. Mutane hoto suke fara gani, wasu ma shi kaɗai suke gani, tunda ba kowace Hajiya ce za ta tsaya karanta layi shida a waya ba. Duk abin da ke cikin hoto, ido ya riga ya saye shi. Na san gado ba ya kyan gani babu katifa da zanin gado, don haka ban ce ki ɗauki hoton ƙashin katako ba. Ki rubuta a jikin hoton kansa, ba a saƙon da ke biye ba, cewa katifa da zanin gado da fitila ba sa ciki. Dalilin da ya sa na ce a jikin hoton shi ne, hoto yana yawo. 'Yar ta tura wa uwa, uwa ta tura wa ƙanwar uba, rubutun da ke ƙarƙashi ya yanke a hanya. Farashi da sharaɗi da kwanan wata su kasance inda ba za a iya raba su da hoton ba.

Yanzu sai maganar ragi na gaskiya, tunda kasuwa ta yi sanyi kuma kina son abin da zai jawo mutane. Ribarki a 880,000 ita ce 150,000, kafin ki cire haya da wuta. In kin ga za ki iya, ki bar lambar 840,000 da mutane suka riga suka gani, amma yanzu ta haɗa da lodi da haɗawa. Ragin 40,000 ke nan, na gaske, wanda rasitanki za su tsaya masa. Sai dai ki shiga da ido buɗe: 40,000 bai kai kashi 5 cikin 100 na farashi ba, amma ya fi rubu'in ribarki, domin zai mayar da ita 110,000. Shi ya sa ragi na gaskiya yake zuwa da ɗan adadi da ɗan lokaci. In lissafi bai ba ki ba, ki rage 20,000, ko ki bar ragi ki ce mota kyauta a cikin gari har ƙarshen wata. Amma in kin ce kyauta, ta zama kyauta, kada ki ɗora kuɗin a kan gado ta bayan gida.

Kuma ki rubuta ragin da naira, ki bar kashi. A kaya masu tsada irin naki, "an rage 40,000" magana ce da kowa zai auna da abin da ya sani, ya ce wannan ai kuɗin labule ne. Kashi cikin ɗari sai an yi lissafi, kuma a nan ake samun ruɗani ko da ba a yi niyya ba. Za ki ga an rubuta ragin kashi 20, da ƙarin kashi 10 ga wanda ya biya lakadan, mai karatu ya ɗauka 30 ne, alhali in an cire na biyu daga abin da ya rage 28 ne. Haka "ragi har zuwa kashi kaza" da "daga naira kaza", waɗanda galibi kaya ɗaya ne tak a shagon ya kai wannan ragi ko wannan araha. In kina da saiti huɗu, ki rubuta farashi huɗu.

Ga yadda nake ganin takardar za ta kasance. Kuɗin shiyyar kusa da kwanakin misali ne na sa, ki musanya da naki:

Saitin gado: gado, wadirob, madubi, durowar gefen gado 2.
Farashi: naira 840,000, har da lodi da haɗawa a ɗaki.
Farashinmu na da 880,000 ne. An rage 40,000 zuwa 30 ga Nuwamba.
Mota: Hotoro da kewaye 15,000, sauran cikin gari 25,000. Wajen gari, a tambaya kafin a biya. Mai motarsa ba zai biya ba.
Katifa ba ta ciki. Mai so, 140,000.
Misali: saiti da katifa zuwa Rijiyar Zaki, jimla 1,005,000.
Babu wani kuɗi bayan waɗannan.

Layi biyun ƙarshe su ne suka fi aiki. Misalin jimla yana yi wa mai saye lissafin da zai yi a gida, ya kuma nuna masa babbar lambar tun yanzu, daga bakinki. Na san za ki ji nauyin rubuta abin da ya haura miliyan. Amma wannan lambar tana nan ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba, ranar da za a ji ta ce kawai ke hannunki. Shi kuma "babu wani kuɗi bayan waɗannan" alkawari ne, kada ki rubuta shi sai kin bi duk hanyar da kuɗi ke fita. In mai POS ɗin da ke kusa da ke, wanda ake tura mutane wajensa su cire kuɗi, yana cirar nasa, ko ki ɗauke shi ko ki ba da lambar asusun shago a tura kai tsaye. In kasuwancinki ya kai matsayin da ake karɓar harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 tun 2020, lambar da kika nuna ta zama har da shi. Ki ja wa yaran lodi kunne kuma, domin in suka tsaya a tsakar gidan amarya suna neman na ruwa kamar dole, sun karya miki layin nan. Wanda aka ba su don Allah daban.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba, amma shi ne rigimar da ke jiran ki nan gaba: kafin alƙalami. Kayan ɗaki ba a cika saye yau a ɗauka yau ba. Ana ba da wani abu wata biyu ko uku kafin biki, a tsakani kuma katako ya tashi a 'Yan Katako, fenti da madubi su bi. In ba a rubuta komai ba, ke za ki ce kaya sun yi tsada, ita ta ce mun riga mun gama magana, kowa kuma yana ganin shi ke da gaskiya. Ki ƙara layi uku a takarda da kuma bayan rasit. Na farko ya faɗi nawa ne kafin alƙalami, kuma cewa wanda ya biya shi farashinsa ya tsaya. Don ki iya cika wannan, ki sa adadin da zai ishe ki sayen katako da kayan aiki a makon, yadda tashin kasuwa ba zai same ki ba. Na biyu ya faɗi ranar da za a cika sauran. Na uku ya faɗi abin da zai faru in an fasa ko an ɗaga biki, domin ana ɗagawa, wani lokaci ma ana fasawa: nawa za a mayar in ba a fara aiki ba, nawa in an riga an yanka katako, kuma kaya za su zauna a wajenki mako nawa kafin a fara maganar kuɗin ajiya. In kina karɓar biya kaɗan-kaɗan da farashin da ya ɗara na lakadan, ki rubuta jimlarsa a fili, a tsaya a kan farashi ɗaya ranar ƙulla ciniki, kuma kada ki sa ƙari don an makara biya, tunda wannan malamai sun ce riba ce.

Kafin ki liƙa sabuwar takardar, ki gwada ta. Ki ba wani wanda bai san sana'arki ba, goggonki ko maƙwabciya, ki ce mata: kina Ɗorayi, kina son saitin nan da katifa, nawa za ki tanada? Kada ki taimaka mata. In ta faɗi 1,005,000, takarda ta yi. In ta faɗi wata lamba, ko ta ɗago kai ta tambaye ki "wannan da mota ne ko ban da mota?", to layin da ta tsaya a kai shi ne mai matsala, ki sake shi. Bayan an liƙa kuma, ki riƙa sauraron tambayoyin da ake maimaitawa a waya. Tambayar da mutum uku suka yi a mako guda, amsarta ba ta cikin takarda. Yarinyar shago da ƙanenki su faɗi abin da takarda ta faɗa, ba ƙari ba ragi, rasit ma ya fito da layukan nan a jere yadda suke. In kina barin a taya, ki bar shi, ba laifi, amma tayin ya sauko daga farashi na gaskiya.

Tsoronki game da maƙwabta ba na banza ba ne, ba kuma zan ce miki ba za ki rasa kowa ba. Wanda ke bin babbar lambar ragi zai shiga wajensu. Abin da za ki iya yi shi ne ki koya masa tambayar da zai yi a can. Duk wanda ya ce miki wancan shagon ya fi araha, ki ce: Hajiya, ki tambaye su jimla har ɗaki, da lodi da haɗawa da mota, su rubuta miki a takarda, sai ki gwada da tawa. Kada ki kushe kayan kowa, kada ki ce ƙarya suke yi. In jimlarsu ta fi taki sauƙi da gaske kuma aikin ɗaya ne, to matsalarki tana wajen tsadar aikinki, sai ki zauna da kafintocinki. In kuwa ba ta fi ba, mai tambayar zai gani da idonsa. Ki kuma tuna yadda kayan ɗaki ke samun kasuwa a garin nan. Ranar jere mata goma ko fiye suke shiga ɗakin, kowacce tana da 'ya ko ƙanwa a hanya, kuma tambayar farko ita ce a ina aka saya, nawa. Amsar da uwar amarya za ta bayar a wannan rana ta fi duk takardar da za ki buga, kuma ke ma kin ji irin wadda aka bayar makon jiya.

Saboda haka ki je wajen Hajiya da ƙafarki, kada ki tura saƙo. Ki bari hidimar biki ta lafa, ki samu wata babba da take jin nauyinta ta raka ki in da hali. Kada ki buɗe da cewa kuɗin na yara ne, ta riga ta ji wannan. Ki ce mata takardarki ba ta fito da magana yadda ya kamata ba, kuma 1,200,000 ɗin ba farashinki ba ne, 850,000 kike sayarwa. Wannan na biyun shi ne mai wuyar faɗa, amma shi ne haƙƙinta da ya fi girma. Ki mayar mata da 30,000 na lodi da haɗawa ko ta ce ta yafe. Na mota, al'ada ta san mai saye ke biya, don haka ba zan ce dole ba, amma da ni ce duka 55,000 zan mayar, tunda ba a gaya mata adadin ba sai da ta rasa yadda za ta yi. Ko kin yi haka, kina da sauran 85,000 a kan saitin.

Sannan ki buɗe littafin rasit ki duba duk waɗanda suka saya a cikin wata biyun nan. Wanda ya riga ya ɗauki kaya kuma aka karɓi lodi da haɗawa a hannunsa ba da saninsa tun farko ba, ki kira shi ki yi masa abin da kika yi wa Hajiya. Wanda ya ba da kafin alƙalami kayansa suna wajenki, ki kira shi a wannan makon ki karanta masa sabuwar takardar layi-layi, ki gaya masa jimlarsa har ɗaki, ki kuma ba shi zaɓi ya ci gaba ko ya karɓi kuɗinsa cif.